Huɗu cikin ashirin: yadda wata ɗaliba ta raba afil da bitar kotu

A ƙarshen zangon farko na ba ɗalibaina na darasin dokar gudanarwar hukumomi wani aikin gida. Labarin ƙirƙirarre ne, amma duk lauyan da ya ɗan jima a aiki ya taɓa cin karo da irinsa.

Wata jami'ar tarayya ta kori wani ɗalibin aji uku. Laifin da ake zarginsa da shi shi ne an tura saƙon cin mutuncin shugaban sashensu a zauren WhatsApp na 'yan aji, kuma daga lambar wayarsa saƙon ya fito. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, shugaban sashen da aka zaga shi ne ya jagoranci zaman. Masinja aka tura ya kira yaron da safiyar ranar, babu takardar tuhuma, ba a nuna masa saƙon ba, ba a kuma bar shi ya yi wa waɗanda suka ba da shaida tambaya ba. Cikin minti goma aka sallame shi. Takardar kora ta fito ranar 4 ga Maris, 2024. Shi kuwa yaron yana da hujjarsa: an sace wayar kwana biyu kafin a tura saƙon, yana riƙe da takardar rahoton da ya kai wa 'yan sanda, ga kuma shaidu biyu. Bai zo wurin lauya ba sai ranar 20 ga Mayu. Tambayar ita ce, wace shawara za a ba shi?

Ɗaya daga cikin ɗaliban da na fi sa wa rai ta rubuto shafi shida. Ta tsara takardar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Tarayya, ta jera dalilai cewa kwamitin ya yi kuskure wajen auna hujja, ta roƙi kotu ta bayyana cewa yaron bai aikata laifin ba. Rubutun ya tsaru, babu kame-kame. Na ba ta huɗu cikin ashirin. Washegari da hantsi sai ga ta a ofis, takardar a hannu.

"Allah ya gafarta Malam, na zo ne a sake duba mini wannan. Ni dai ban ga inda na kauce ba."

Na ce, "Zauna, Barista. Kafin mu taɓa takardar, me kike so a yi miki? Kina so wani malami da ya fi ni ya karanta amsarki ya ba ki makin da ya ga ya dace? Ko kuwa kina cewa ban ma buɗe takardar ba, ko ina da wata ƙullalliya da ke, don haka a soke makin?"

Ta ɗan yi shiru. "Na farkon, Malam. Ai na ga jan birinka a kowane shafi."

"To ki riƙe wannan. In aka bi ta farko, na sama da ni zai karanta, in ya ga kin cancanci sha biyu ya rubuta sha biyu, makinsa ya maye gurbin nawa. In aka bi ta biyu, wanda kika kai wa kuka ba ruwansa da ko amsarki ta yi kyau. Zai tambaya ne kawai ko ni ne aka ɗora wa gyaran, ko na bi ƙa'ida. In ya ga ban bi ba, ya soke makin, ya ce a ba wani ya gyara. Wanin kuma yana iya ba ki uku."

Ta yi dariya, amma na lura ta fara jin inda maganar ta dosa. Hanyar farko ita ce ɗaukaka ƙara, wadda kowa ke kira afil. Ta biyun ita ce lauyoyi ke kira judishiyal ribiyu, ni kuma a aji nakan ce bitar kotu. Tun a sunan ake fara rikicewa, domin a bakin mutane duka biyun "a sake duba" ne. Har akwai ta uku da rediyo ya cusa mana: a shekarar 2020, bayan hukuncin kujerar gwamnan Imo, an koma Kotun Ƙoli ana roƙon ta sake duba hukuncinta da kanta, ta kuma ƙi. Wancan roƙo ne ga kotu ɗaya a kan abin da ta riga ta yanke, kuma sashe na 235 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce daga Kotun Ƙoli babu gaba. Ba shi da haɗi da abin da ke gabanmu.

Na juya shafinta na farko. "Kin rubuta cewa kina ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Tarayya. Wace doka ce ta ba ki wannan damar?"

"Ai duk wanda bai gamsu da hukunci ba yana da 'yancin ɗaukaka ƙara."

"Nuna mini sashen."

Ta buɗe kundin tsarin mulki, ta tsaya a sashe na 240 da na 241. Na ce ta karanta da ƙarfi. Tana cikin karantawa muryarta ta yi ƙasa, domin sassan suna magana ne a kan ƙarar da ke tashi daga manyan kotuna, irin su Babbar Kotun Tarayya da ta jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Babu kwamitin jami'a a ciki.

Nan ne kuskurenta na farko, kuma shi ya haifi sauran. Afil ba ya tsirowa da kansa. Sai tsarin mulki ko wata doka ta ce daga wuri kaza ana iya zuwa wuri kaza, cikin kwana kaza. In babu dokar da ta shimfiɗa wannan hanya, to babu ita, komai munin hukuncin. Bitar kotu kuwa tushenta daban. Babbar kotu tana da ikon sa ido a kan ƙananan kotuna da hukumomin da doka ta kafa, don tabbatar da cewa ba su wuce gona da iri ba. Sashe na 272 ya ambaci wannan ikon sa ido ga babbar kotun jiha. Sashe na 251 kuma ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumi a kan matakan gudanarwa na gwamnatin tarayya da hukumominta, shi ya sa ƙarar yaronmu can za ta nufa tunda jami'ar ta tarayya ce. Wato ɗalibata ta gane kotun, ƙofar shiga ce ta ɓace mata.

"To Malam, kenan yaron ba shi da afil ko kaɗan?"

"Yana da shi, amma a cikin gida. Dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya da dama sun ce ɗalibin da aka kora yana iya kai kukansa ga majalisar gudanarwar jami'a. Wannan afil ne na gaske, domin majalisar tana iya tabbatar da korar, ko ta soke ta, ko ta sassauta. Can ne takardar 'yan sandanki da shaidunki biyu za su yi aiki."

Ta ɗago kai. "Can kawai? A kotu fa?"

A nan muka fi daɗewa, kuma a nan na fi ganin ɗalibai suna turjewa, musamman masu kaifin basira. Ta kasa yarda cewa za a je gaban mai shari'a da hujjar da ke wanke mutum, a ce masa ba ita ce maganar ba.

"Malam, yaron nan fa bai yi ba. An sace wayar. In alƙali ya ga wannan ya kau da kai, ina adalcin?"

Na ce, "Wa doka ta ɗora wa ladabtar da ɗalibai?"

"Shugaban jami'a."

"Ta ambaci alƙali?"

"A'a."

"To ranar da alƙali ya zauna yana auna ko shaidun yaron sun fi na kwamiti gaskiya, ya zama shugaban jami'a ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Gobe kuma zai zama kwamishinan filaye, jibi shugaban hukumar kasuwa. Majalisar dokoki ce ta zaɓi wanda zai yanke irin wannan hukunci. Aikin kotu shi ne ta tabbatar wanda aka ba ikon shi ne ya yi, a cikin iyakar da aka gindaya masa, ta hanyar da doka ta yarda."

Kotun Ƙoli ta faɗi wannan a fili a shari'ar Gwamnan Jihar Oyo da Folayan ta 1995. Abin da ta tsayar shi ne bitar kotu ba afil ba ce, kotu ba za ta ɗora ra'ayinta a madadin na hukumar da ake ƙorafi a kanta ba, kuma abin dubawa shi ne yadda aka kai ga hukuncin. Tambayar halasci ake yi, ba ta dacewa ba.

Sai na ce ta ajiye maganar waya gefe, ta sake karanta labarin kamar yaron ya aikata laifin da gaske. Me ya rage?

Ta karanta a hankali, tana bi da yatsa. "Wanda aka zaga shi ne shugaban kwamitin."

"Ɗaya kenan."

"Ba a ba shi tuhuma a rubuce ba, ba a ba shi lokacin shiri ba. Ba a nuna masa saƙon ba. Bai yi wa shaidu tambaya ba."

"To kin ga ƙararki. Tana cikin sakin layi na biyu na tambayar, kika tsallake ta kika tafi neman ɓarawon waya."

Ƙa'idoji biyu ne tsofaffi: mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da ta shafe shi, kuma ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ƙarfafa su. Abin da ke ɗaure wa ɗalibai kai shi ne waɗannan dalilai suna nan daram ko da yaron shi ya tura saƙon da hannunsa. Mai laifi ma yana iya cin nasara a bitar kotu. Marar laifi kuma yana iya faɗuwa, in kwamitin ya bi duk ƙa'ida, ya saurare shi, sannan ya ƙi gaskata shi.

Na ba ta misali da abin da ya faru a Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairun 1983 ɗalibai sun yi tarzoma, aka yi ɓarna da ƙone-ƙone. Jami'a ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugabanta, wanda shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Aka kori wasu ɗalibai. Wani daga cikinsu mai suna Garba da abokansa suka tafi babbar kotu a Maiduguri suna cewa an tauye musu haƙƙin a saurare su, kotun ta ba su gaskiya. Jami'a ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wancan hukunci. Ɗaliban suka wuce Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta soke korar. Akwai wani dalili na biyu a hukuncin, cewa zargin manyan laifuka irin su ƙone dukiya hurumin kotu ne, amma na ce mata wannan darasin wata rana ne.

"Abin da nake so ki lura da shi," na ce, "babu inda Kotun Ƙoli ta zauna tana tantance wa ya riƙe ashana, wa bai riƙe ba."

"Amma Malam, ka ce sun ɗaukaka ƙara har sau biyu. Kenan ga afil a cikin maganar."

Tambayar ta yi mini daɗi, domin nan ne hanyoyin biyu ke haɗuwa har su rikita mai kallo. A matakin farko, babbar kotu tana sa ido ne a kan jami'a. Da zarar ta yanke nata hukunci, wannan hukuncin babbar kotu ne kamar kowane, kuma ana ɗaukaka ƙara a kansa ƙarƙashin sassan da ta karanta ɗazu. Sai dai abin da ake tuhuma a sama shi ne ko mai shari'ar ya yi daidai da ya ce an bi ƙa'ida ko ba a bi ba. Hawa sama ba ya buɗe maganar waya. Ko an kai Abuja, tambayar tana nan yadda ta faro.

Daga nan sai ta yi tsalle zuwa ɗaya ɓangaren, kamar yadda ɗalibai suka saba in sun fara ganewa. Ta ce to ta fahimta: afil sabuwar shari'a ce daga tushe, bita kuma duba ƙa'ida ce kawai, kowa da gonarsa.

Na ce ta yi a hankali, duka biyun akwai gyara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sake kiran shaidu. Kundin shari'ar da aka tattaro daga ƙasa take karantawa, tana bin dalilan da mai ƙara ya rubuta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta cika taɓa abin da alƙalin farko ya tsayar game da gaskiyar shaida ba, domin shi ya ga fuskar mai shaidar, ya ji rawar muryarsa. Sabuwar hujja kuwa sai da ƙyar ake karɓa. Abin da ya sa ake cewa afil yana shiga cikin gundarin magana shi ne kotun tana da ikon cewa hukuncin kuskure ne, ta kuma yanke wanda ya kamata a yanke tun farko. Sannan gonakin ba a raba su da katanga ba. Rashin hurumi da rashin sauraron ɓangare dalilai ne masu ƙarfi a afil ma. Afil ya fi faɗi, yana ɗaukar kuskuren hukunci da kuskuren hanya. Bita ce ƙunƙuntacciya.

"To in duka biyun suna buɗe fa?"

"Yana faruwa. Ɗauki kotun majistare da ta yanke hukunci a kan abin da ba ta da hurumi. Kina iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun jiha, kina kuma iya roƙon babbar kotun ta janyo hukuncin ta soke shi. Amma zaɓi ɗaya za ki yi. A shari'ar bankin ACB da Nwaigwe ta 2011, Kotun Ƙoli ta ce bin hanyoyin biyu a lokaci guda a kan hukunci ɗaya wasa da kotu ne. Sannan ki sani, bita daga sama take sauka ƙasa. Babbar kotu ba ta yi wa takwararta babbar kotu. In mai shari'a na babbar kotu ne ya ƙi sauraronki, afil ne kaɗai maganinki."

Ta rubuta wannan, sannan ta dawo da wata tambayar da na san tana tafe. Ta ce ta karanta cewa dalilan bita uku ne, kamar yadda Lord Diplock ya kasa su a wata shari'ar Ingila ta 1984: saɓa doka, saɓa ƙa'idar hanya, da kuma hukuncin da hankali ba zai ɗauka ba. "Wannan na ukun, Malam, ai shiga gundarin magana ne ta bayan gida. Me zai hana in ce korar yaron da aka sace wa waya abu ne da hankali ba zai ɗauka ba?"

Gaskiya ta taɓo wurin da katangar ta fi siranta, kuma ban ɓoye mata ba. Don kotu ta ce hukunci ya fita daga hankali, dole ta leƙa cikinsa. Amma ma'aunin yana da tsauri ƙwarai. Asalinsa shari'ar garin Wednesbury ce, wadda aka yanke a Ingila a ƙarshen 1947. Hukumar garin ta ba wani gidan silima izinin buɗewa ranar Lahadi bisa sharaɗin kada a shigar da yaro ɗan ƙasa da shekara 15. Masu silima suka ce sharaɗin bai dace ba. Kotu ta ce ba za ta sa baki ba sai in hukuncin ya kai munin da babu wata hukuma mai hankali da za ta yanke irinsa. Misalin da aka kawo a hukuncin shi ne a kori malamar makaranta saboda gashinta ja ne. Kuma abin da ɗalibai ke mantawa, masu silimar faɗuwa suka yi.

"Kwamitin da ya ga saƙo ya fito daga lambar mutum ya ce shi ya tura," na ce mata, "yana iya yin kuskure, amma ba hauka ya yi ba. In kika jingina ƙararki a nan, lauyan jami'a zai miƙe ya ce afil ne kika sa wa rigar bita, kuma mai shari'a zai yarda da shi. Kina da dalilai biyu da ba sa buƙatar gardama. Kada ki tsarma su da na uku mai rauni."

Akwai alamar da nake koya wa ɗalibai don su kama kansu. Ka karanta dalilanka. In ka ga kalmomi irin su "bai auna hujja daidai ba", "ya kamata ya gaskata wane", "hukuncin ya yi tsanani", to afil kake rubutawa. In ka ga "ba shi da iko", "bai sanar ba", "bai saurara ba", "yana da hannu a maganar", "ya yi la'akari da abin da doka ba ta ce a duba ba", kana kan hanyar bita. Dalilan ɗalibata guda biyar duk na jerin farko ne.

Sai muka koma kan kalanda, wadda ita ce ta fi tsorata ni a amsarta, domin ko sau ɗaya ba ta ambaci kwanan wata ba. A dokokin aikin Babbar Kotun Tarayya, oda ta 34 ce ke magana a kan bita, kuma wa'adin wata uku ne daga ranar da abin ya faru. Takardar kora ta fito 4 ga Maris. Yaron ya zo 20 ga Mayu. Abin da ya rage kamar mako biyu ne kawai. Ga kuma dokar kare jami'an gwamnati, wadda ita ma wata uku ta yanka, kuma lauyoyin hukumomi ba sa mantawa da ita.

Aikin kuma hawa biyu ne, ba kamar afil ba inda a hukuncin ƙarshe na babbar kotu takardar sanarwa kawai za ka shigar cikin wata uku. A bita sai ka fara neman izinin kotu, kai kaɗai ba tare da ɗaya ɓangaren ba. Za ka haɗa da bayanin ko wane ne mai nema, abin da yake roƙo da dalilansa, da takardar rantsuwa mai tabbatar da labarin, ka liƙa takardar korar kanta. Kotu za ta duba ko maganar ta shafe ka kai tsaye, da ko akwai abin saurare. In ta ba da izini, sannan a sanar da jami'a a sa ranar sauraro. Yawanci da takardun rantsuwa ake yin komai, babu akwatin shaida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a gina hanyar don tantance wa ya yi gaskiya tsakanin shaidu ba.

"To majalisar jami'a fa, Malam? Yaron bai rubuta musu ba. In mun tsaya jiransu wa'adi zai wuce. In mun wuce kotu za a ce mun yi gaggawa."

"Yanzu kika fara tunanin lauya."

Tarkon na gaske ne. A shari'ar Jami'ar Ilorin da Oluwadare ta 2006, ɗalibin da aka kora kan zargin maguɗin jarrabawa ya garzaya kotu ba tare da an kammala matakin majalisar jami'a ba, ya kuma shigo ta ƙofar kare haƙƙin ɗan'adam. Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar. Saboda haka shawarar da nake tsammanin gani a takardarta ita ce: a duba dokar jami'ar a ga wa'adin kai kuka ga majalisa, a rubuta musu a ranar, a haɗa da takardar 'yan sanda da sunayen shaidu, a karɓi shaidar sun karɓa, a nemi amsa cikin kwanaki ƙalilan. A lokaci guda a shirya takardun kotu, kada a bari farkon Yuni ya riske su a aljihu. In an shigar, a faɗa wa kotu gaskiyar inda maganar majalisa ta tsaya, domin wanda ya je neman izini shi kaɗai wajibi ne ya bayyana har abin da ba ya taimakonsa. Lauyan jami'a zai yi suka cewa an yi sauri, wannan babu makawa. Amma sukar gaggawa ana iya amsa ta, ko a gyara daga baya. Wa'adin da ya wuce ya fi wuyar magani.

Muka zo kan roƙon ƙarshe. Ta rubuta a bayyana cewa yaron ba shi da laifi. Na ce ta soke. Abin da za ta nema shi ne umarnin da ake kira sashiyorari, wanda ke janyo hukuncin ƙasa a soke shi, tare da bayanin kotu cewa zaman kwamitin ya saɓa ƙa'idar sauraro. Da a ce kwamitin bai gama zama ba, umarnin hani za a nema don a tsayar da shi. Da kuma wani aiki ne doka ta wajabta wa jami'a ta ƙi yi, sai a nemi mandamos don a tilasta ta.

"In an soke korar, ya koma aji kenan?"

"Ya koma matsayinsa na ranar 3 ga Maris: ɗalibi ne da ake zargi. Jami'a tana iya kafa sabon kwamiti, ba tare da shugaban sashen ba, ta ba shi tuhuma a rubuce da isasshen lokaci, ta saurare shi, ta sake korarsa. In ta yi haka bisa ƙa'ida, kotu ba za ta ce uffan ba."

"Kenan duk wahalar nan a banza?"

"Ki tambayi yaron. A zaman farko minti goma aka ba shi a gaban mutumin da ke jin haushinsa. A na biyu zai shiga da takardar 'yan sanda da shaidu biyu, a gaban mutanen da ba a zaga ba. Amma ki gaya masa wannan tun ranar farko, kafin mahaifinsa ya sayar da gona ya biya kuɗin lauya yana zaton kotu za ta wanke ɗansa."

Ta ɗauki takardarta ta ja layi a kan shafi huɗu daga cikin shida. Bayanin satar wayar, wanda ta fi wahala a kansa, ta zagaye shi ta rubuta a gefe: na majalisa, ko sabon kwamiti. Na ba ta zuwa Litinin ta kawo sabuwar amsa, da wasiƙar majalisa a gaba, takardun neman izini a baya.

Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Malam, makin nan fa?"

"Afil kike yi ko bita?"

"Na janye ƙarar," in ji ta, ta ja ƙofar.